Kashin Jini a 'Yan Tsaki: Tambayoyi da Amsoshi kan Cutar Koksidiyosis

Waɗannan su ne tambayoyin da masu renon 'yan tsaki suka fi maimaitawa, galibi a ranar da suka wayi gari suka ga ja a kan shimfiɗa. An fara da bayanin cutar, sannan magani, sannan rigakafi. Wanda kajinsa ke kashin jini yanzu haka, ya tsallaka zuwa tambaya ta 7 da ta 8, in ya so daga baya ya dawo ya karanta sauran.

1. Mece ce koksidiyosis, kuma me ke kawo ta?

Ciwon hanji ne da wata ƙaramar halitta mai suna Aimeriya ke haddasawa. Ido ba ya ganinta sai da madubin ɗakin gwaji. Ba bakteriya ba ce, ba bairos ba ce, ba kuma tsutsar ciki ba ce. Shi ya sa maganin tsutsa ba ya taɓa ta, haka ma yawancin magungunan kashe bakteriya da ake zuba wa kaji a ruwa.

Nau'i bakwai ne aka daɗe da sani a jikin kaza, kuma kowanne da sashen hanjin da yake kama. Huɗu daga ciki za su riƙa fitowa a bayanin nan: asabulina a farkon hanji, makzima da nekatiris a tsakiya, sai tenela a jakunkunan nan biyu da ke kusa da ƙarshen hanji. Tenela ce uwar kashin jini a ƙananan 'yan tsaki.

2. Ban shigo da kaza daga waje ba, ta ina cutar ta shigo?

Ta baki take shiga, ta kashi take fita. Kazar da ke ɗauke da ita tana zubar da ƙwan cutar a cikin kashinta. Ƙwan nan yana da ɓawo mai tauri, yana iya yin watanni a ƙasa ko a tsagar daɓe yana jira. Yana zuwa a tafin takalmi, a jikin buhu, a ƙafar ƙuda ko ɓera, ko kuma dama yana ɗakin tun kajin da aka fitar a baya. A gaskiya da wuya a sami ɗakin da ake kiwon kaji a ƙasa wanda babu shi kwata-kwata.

Ga abin da ya fi muhimmanci. A lokacin da ƙwan ya fito cikin kashi, ɗanye ne, ko ɗan tsako ya haɗiye shi ba abin da zai yi masa. Sai ya kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai laima da ɗumi da iska, kamar digiri 25 zuwa 30 na ma'aunin salshiyos, sannan ya nuna. Ɗumi da iska dole ne a ba 'yan tsaki, ba yadda za a yi a hana. Laima ce kaɗai ke hannun mai kiwo, kuma a kanta tambaya ta 10 ta tsaya.

3. Me take yi wa hanji har jini ke fita?

Idan ɗan tsako ya tsinci nunannen ƙwai a shimfiɗa, ƙundunsa ne ke niƙa ɓawon. Daga ƙwai guda 'ya'ya takwas ke fitowa, kowanne ya huda ya shige cikin ƙwayar halittar da ke lulluɓe da bangon hanji. A can ciki yake hayayyafa har ƙwayar ta cika ta fashe, waɗanda suka fito su faɗa wa na kusa, su ma su cika su fashe. Ana yin wannan zagaye sau biyu ko fiye kafin cutar ta koma yin sababbin ƙwai. Daga haɗiyar ƙwai zuwa fitar sababbi kwana huɗu zuwa bakwai ne, gwargwadon nau'in, kuma ƙwai guda kan haifar da dubun dubata.

Bambancin nau'o'in yana ga zurfin da suke shiga. Asabulina a sama-sama take ɓarnarta, sai ta bar hanjin da ba ya iya tsotse abinci sosai, amma ba ta kai ga jijiyar jini. Tenela kuwa a zagayenta na biyu tana nutsawa can ƙasan bangon jakunkunan hanji, inda ƙananan jijiyoyin jini suke. Idan ta fashe ta fito, da jijiyoyin take yagewa. Jakunkunan su cika da jini, ɗan tsako ya yi ta zubar da shi. Wannan yana faruwa ne a rana ta huɗu zuwa ta biyar bayan haɗiyar ƙwan, mace-mace kuma su fi yawa a rana ta biyar da ta shida.

A lura da lissafin kwanakin nan. Jinin da aka gani yau, ƙwan da ya jawo shi an haɗiye shi kwana huɗu ko biyar da suka wuce. Mai neman sanadi kada ya tsaya kan abin da ya faru jiya, ya koma farkon makon ya tuna: yaushe mazubin ruwa ya kife, yaushe ruwan sama ya feso ta taga, yaushe aka canja abinci.

4. Me ya sa ta fi kama su tsakanin mako uku da shida?

'Yan tsakin da aka zuba a sabuwar shimfiɗa ƙwai kaɗan suke tsinta a makon farko, ba ya isa ya kwantar da su. Amma kowanne ya mayar da ninkinsa ƙasa bayan mako guda, a sake tsinta, a sake ninkawa. Zuwa mako na uku shimfiɗa ta cika da ƙwai, kajin sun girma, kashinsu ya yi yawa, wuri ya matse, garkuwar jikinsu kuma ba ta gama ƙarfi ba. Idan ɗan tsako ya mutu a kwanakinsa biyar na farko, a nemi dalili a wani wuri, domin cutar ba ta ma sami lokacin kammala zagayenta ba.

Kazar da ta riƙa haɗiyar ƙwai kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku tana samun garkuwa mai ƙarfi. Ke nan yawan abin da aka haɗiya a lokaci guda shi ke raba garkuwa da mutuwa. Sai dai garkuwar ta nau'in da ta haɗu da shi ce kawai. Wadda ta tsira daga tenela tana ƙarama, nekatiris na iya kayar da ita tana da wata biyu ko uku.

5. Duk kashi mai ja koksidiyosis ne? In babu jini fa, na tsira?

A'a ga duka biyun. Kaza mai lafiya tana yin kashi iri biyu: mai ɗan tauri da fari a kansa, da kuma wani mai laushi, ruwan ƙasa, mai wari, wanda ke fitowa daga jakunkunan hanji 'yan lokuta a rana. Sabon mai kiwo kan tsorata da na biyun, alhali lafiya ce. Wani lokaci kuma a ga ɗan zare mai ruwan lemo ko ja-ja a kashi ɗaya ko biyu, saɓar hanji ce. In kajin na ci suna guje-guje, a dai sa ido. Na tenela jini ne sosai, ja wur ko mai duhu, a wurare da dama, har ya ɓata gashin da ke kewaye da dubura. Ga kuma 'yan tsakin sun takure wuri guda kamar masu jin sanyi, gashi a tashe, fukafukai a zube, ido a lumshe, zanko da ƙafafu sun koɗe.

Wadda ba ta zubar da jini ita ce ta fi cin riba a ɓoye. Asabulina da makzima kan bar kaji suna ci ba sa ƙiba, wasu manya wasu ƙanana alhali rana ɗaya aka kawo su, kashi da ruwa-ruwa, ana ganin ƙwayar abinci a cikinsa ba ta narke ba. Mai irin waɗannan kaji yakan ɗora wa mai abinci laifi, bai san hanjin ne ya lalace ba.

6. Ta yaya zan tabbatar kafin na sayi magani?

A buɗe wadda ta mutu ba da daɗewa ba, cikin awa guda in da hali, domin hanjin kaza yana saurin ruɓewa ya ɓoye alamun. Gara a buɗe uku ko fiye da a dogara da guda. A zaro hanjin gaba ɗaya, a miƙe shi a kan takarda mai tsabta, a bi shi daga ƙundu zuwa dubura. Daf da ƙarshe za a ga jakunkuna biyu dogaye sun rabu hagu da dama. A mai lafiya sirara ne, da abu ruwan ƙasa a ciki. A mai tenela sun kumbura sun yi duhu, in aka tsaga jini ne ko gudan jini. In ciwon ya ɗan daɗe, sai a tarar da wani dunƙule mai tauri, fari-fari da ja.

Fararen layuka a gicciye a lanƙwasar farko ta hanji, asabulina ce. Tsakiyar hanji a kumbure da majina mai ruwan lemo, makzima ce. Ɗigo-ɗigon fari da ja da ake hangowa tun daga waje, ga hanjin cike da jini, nekatiris ce. A duba kuma 'yar jakar da ke saman dubura ta ciki. In ta kumbura, ga tabon jini a naman cinya da ƙirji, ga zawo fari mai ruwa, to cutar Gumboro ce, wadda ita ma a wannan lokacin take kama su, kuma sukan haɗu a garke ɗaya. Likitan dabbobi yakan kankari bangon hanji ya duba a madubi. Ganin ƙwan cutar a kashi kaɗai ba hujja ba ne, tunda kaji masu lafiya ma suna zubar da shi.

7. Na ga jini yau da safe. Me zan fara yi?

A fara magani a ranar, kuma garken duka za a ba, ba waɗanda suka kwanta kaɗai ba. Masu kuzarin nan da ke yawo su ma sun haɗiya, kwanakinsu ne ba su cika ba, kuma su ne maganin zai fi ceta. A ruwan sha ake bayarwa, domin kaza mai wannan ciwo takan bar abinci kafin ta bar ruwa. Kada a bar wani ruwa a ɗakin in ba mai magani ba, kuma a haɗa sabo kowace rana.

A ranar dai a kwashe duk jiƙaƙƙiyar shimfiɗa da inda jini ya zuba, a zuba busasshiya mai kauri a kai. A ware marasa ƙarfi a wuri mai ɗumi inda ruwa ke kusa da bakinsu, waɗanda ba sa iya tashi a ɗiga musu a gefen baki. Bitamin K yana taimaka wa jini ya tsaya, bitamin A kuma yana taimaka wa bangon hanji ya warke.

8. Wane magani, kuma nawa ake zubawa?

Uku ne aka fi amfani da su. Amfuroliyom yana hana cutar samun bitamin B1 da take rayuwa da shi, yana da ƙarfi a kan tenela, kuma ba shi da saurin cutar da kaza. Toltarazuril yana kama cutar a duk matakan da take cikin bangon hanji, kwana biyu ake ba da shi. Magungunan salfa sun fi aiki a kan nau'o'in ƙaramin hanji, sai dai in aka zarce ƙima ko kwanaki suna lalata ƙoda, su ma su jawo zubar jini, shi ya sa akan ba da su kwana uku, a huta biyu, a sake uku. Abin da ke rubuce a jikin maganin da aka saya shi ne abin bi, domin ƙarfin haɗi ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Mu ɗauki misali. Kajin nama 200 ne, makonsu huɗu, an auna an ga suna shan lita 40 a yini da dare. Maganin da ke hannu garin amfuroliyom ne mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, wato kowane giram na garin yana ɗauke da miligiram 200 na ainihin maganin. Idan ciwo ya yi tsanani ana son miligiram 240 a kowace lita, ke nan giram 1.2 na gari. A lita 40 ya zama giram 48 a rana, a kwana biyar giram 240. Bayan nan a sauko zuwa giram 0.3 a lita, wato giram 12 a lita 40, har mako ɗaya ko biyu. Wanda ya sayi ƙullin giram 100 guda ɗaya, kwana biyu kawai zai yi masa, kuma a nan ne mutane da yawa ke tsayawa da zarar jini ya ɗauke.

In toltarazuril ne mai kashi 2.5 cikin ɗari, ƙimarsa miligiram 7 ne ga kowane kilo na nauyin kaza a rana, wato mililita 0.28. A ɗora kaji goma a sikeli a fitar da matsakaici. In kilo ɗaya-ɗaya ne, garken kilo 200 ne, sai a zuba mililita 56 a ruwan da za su shanye a ranar, a maimaita washegari. Akwai gajeriyar ƙa'idar mililita ɗaya a lita ɗaya, amma a wannan misalin mililita 40 kawai za ta bayar. Ni na fi yarda da lissafin nauyi, musamman tunda kaza marar lafiya ba ta shan abin da ta saba.

9. Na ba da magani amma har yanzu suna mutuwa. Maganin jabu ne?

Ba lallai ba. Waɗanda hanjinsu ya riga ya yage, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 3, magani ba zai ɗinke shi ba, don haka rasa wasu a kwana ɗaya ko biyu na farko ba abin mamaki ba ne. In an shiga rana ta uku ba sauƙi, a bincika abubuwa huɗu. An auna da sikeli ko da ido aka zuba? An haɗa amfuroliyom da ruwan bitamin mai B1 a ciki? In haka ne an mayar wa cutar abin da maganin ke hana ta, sai a ajiye irin wannan bitamin har a gama. An daɗe ana amfani da magani iri ɗaya a gidan garke bayan garke? Cutar tana sabawa da magani. Na huɗu, anya ita kaɗai ce?

Hanjin da koksidiyosis ta raunata yana tsiyayar da majina da sinadarin gina jiki, abincin wata bakteriya ke nan mai suna Kilostiridiyom, wadda ke ruɓar da ƙaramin hanji. Alamarta mutuwar farat ɗaya, hanji cike da iska mai ɗoyi, bangonsa ya yi kauri da wani ɓawo mai ruwan ƙasa yana saɓulewa. Wannan maganin bakteriya take buƙata, kuma likita ne zai zaɓa.

10. Yaya shimfiɗa mai kyau take, kuma ta yaya zan gane ta jiƙe?

Ana son kaurinta ya kai santimita 5 zuwa 10, da abin da ke tsotse ruwa ya kuma sake shi, irin ɓarzajjen katako ko ɓuntun shinkafa. Laimarta kada ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Ba sai da na'ura ba. A damƙi cikin hannu a matse, sannan a buɗe. Mai kyau takan ɗan haɗu, sai ta warwatse. In ta tsaya curi guda da shaidar yatsu a jikinta, ta jiƙe. In ko haɗuwa ba ta yi, ƙura ce kawai ke tashi, ta bushe fiye da kima. A yi gwajin a gindin mazubin ruwa da kusurwoyi da inda suke kwana, ba a tsakiyar ɗaki ba, inda kullum take da kyau.

Mafi yawan jiƙewa daga mazubin ruwa take. A riƙa ɗaga shi yayin da suke girma, bakinsa ya yi daidai da gadon bayansu, kada a cika shi fal, kuma kada a zubar da ragowar ruwa ko a wanke shi a cikin ɗaki. Inda shimfiɗa ta daskare ta yi faifai, a ɗebe da shebur a fitar, ba a juya ta a binne ba, domin juyawar tana ba ƙwan cutar iskar da yake nema ya nuna. Wadda take a sake ita ake motsawa da manjagara.

Sai iska. Mutane kan toshe ɗakin reno ruf don tsoron sanyi, tururin numfashi da na kashi ya rasa mafita ya koma cikin shimfiɗa. Wanda ya durƙusa daidai tsayin kajin ya ji amoniya, iskar nan mai zarni da ke tashi daga kashi, na yi masa yaji a ido, to iska ta yi kaɗan. A buɗe ta sama, a kare ta ƙasa. A kuma faɗaɗa da'irar reno a kan lokaci, kada a bar 'yan mako uku a filin 'yan mako ɗaya. Kada a haɗa ƙanana da manya, domin manyan na zubar da ƙwai ba tare da sun nuna ciwo ba.

11. Na wanke ɗaki da maganin kashe ƙwayoyin cuta, me ya sa ta dawo?

Ɓawon ƙwan ba ya jin yawancin magungunan wanke ɗaki, har da ruwan bilic. Abin da ke kashe shi zafi ne mai tsanani, da bushewa, da amoniya, da wasu magungunan da aka rubuta a jikinsu cewa suna kashe ƙwan koksidiya. A kwashe tsohuwar shimfiɗa a kai ta nesa, a kankare daɓe, a wanke da sabulu, a kwarara tafasasshen ruwa a tsagogi da mazubai, sannan a bar ɗakin a buɗe ya bushe ƙayau na kamar mako biyu. Daɓen ƙasa ba ya tsabtatuwa kamar na siminti, sai a rufe shi da shimfiɗa mai kauri. Ko an yi duk wannan rage yawa aka yi, kuma kamar yadda tambaya ta 4 ta nuna, ragewar ake nema.

12. Abincin da nake saya an ce da maganin koksidiyosis a ciki. Ya wadatar?

Rigakafi ne, ba ya warkar da garken da ya riga ya kamu, kuma shimfiɗa mai laima tana iya fin ƙarfinsa. Magungunan da ake sa wa abincin iri biyu ne. Akwai irin su monensin da salinomaisin da narasin, waɗanda ke barin cutar kaɗan ta tsira har garkuwa ta ginu. Akwai irin su dikilazuril da nikarbazin masu danne ta sosai. An lissafa ƙimarsu ne a kan cewa kaza abincin nan kaɗai take ci. Wanda ya cakuɗa buhu da dusa ko tsaki don ya auku, ya raba maganin shi ma. Haka kazar da zafi ya hana ta ci.

Akwai haɗari uku da ya kamata a sani. Ba a ba kaji tiyamulin, maganin da ake ba su na ciwon numfashi, alhali suna cin abinci mai monensin ko salinomaisin ko narasin, haɗuwarsu tana shanye ƙafafu, tana kisa. Nikarbazin yana ƙara mace-mace a lokacin zafi, a kajin ƙwai kuma yana koɗar da ɓawo ya ɓata ƙyanƙyasa. Monensin guba ne ga doki, ko kaɗan ya ci.

13. Akwai rigakafi irin na Gumboro?

Akwai, amma tafiyarsa daban ce. Rayayyen ƙwan cutar ne aka ƙidaya, ake fesa wa 'yan tsaki ko a ba su ta baki a kwanakinsu na farko. Sai sun zubar da shi a shimfiɗa sun sake tsinta sau biyu ko uku kafin garkuwa ta kafu. Don haka garken da aka yi wa wannan rigakafi ba a ba shi abinci mai maganin da aka ambata a tambaya ta 12, ba a canja masa shimfiɗa gaba ɗaya a makonnin farko, ba a kuma so ta bushe ƙurmus. Ya fi dacewa da kajin ƙwai da na iri masu daɗewa a ƙasa. Mai sayen 'yan tsaki ya tambayi inda aka ƙyanƙyashe su ko an yi musu, kafin ya zaɓi abinci.

14. Tana kama mutum ko sauran dabbobi? Ana cin naman?

Aimeriyar kaza a kaza kaɗai take rayuwa. Ba ta kama mutum, ba ta kama akuya ko zomo ko talo-talo, kowannensu da nasa nau'in. Abin dubawa a nama da ƙwai shi ne ragowar magani. Kowane magani da kwanakin jira da aka rubuta a jikinsa tsakanin shan ƙarshe da yanka. Na toltarazuril yakan kai mako biyu ko fiye, kuma ba a ba kajin da ke yin ƙwan da mutane za su ci. Salfa ma yana fita a ƙwai. Mai kajin nama da ciwo ya kama a mako na biyar, yana shirin sayarwa a na shida, ya lissafa waɗannan kwanaki kafin ya zaɓi maganin da zai zuba.